Biyar da Rabi

Duk wanda ya taɓa yin wuni a Kasuwar Dawanau ya san ana faɗin kuɗi a can ba tare da an cika su ba. Ka tambayi mai hatsi nawa buhu, ya ce maka sittin, ba zai ɓata bakinsa ya ƙara da dubu ba, domin a ganinsa duk wanda ya tako wannan kasuwa ta kan hanyar Katsina ya san lissafin. Manyan 'yan kasuwa su ma haka suke haɗiye miliyan. Wannan ɗabi'a ta yanke kuɗi ita kaɗai ta isa ta haifar da wasan barkwanci na mutum biyu wanda ba zai kai minti ɗaya ba, kuma waɗanda suka fi kowa cancantar rubuta shi su ne ku da kuke cikinta kullum: ɗan dako, mai awo, mai ɗinkin buhu, yaron shago, dillali, da manomin Marke ko Tattarawa ko Jalli da ke ɗauro kayansa a babur ya kawo. Ɗan birni mai kyamarar tsada zai iya zuwa ya ɗauki hoton buhuna jibge har rufi, amma bai san yadda muryar mai kaya take sauka ba idan ya ce albarka alhali a ransa yana so a ƙara taya. Ku kun sani, kuma da wannan sanin ake rubuta irin wannan wasa.

Kada wani ya ce muku wasan kwaikwayo sana'ar masu takardar makaranta ce. Tun kafin talabijin 'yan kama suna tara jama'a a kasuwa da bakinsu kawai, yara kuma suna tashe a watan azumi, su fito da miji da mata ko tsoho da gemunsa, su gama wasan a ƙofar gida kafin a miƙo musu hatsi. Marigayi Usman Baba Pategi da aka sani da Samanja, da marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, duk daga maganar mutane ta yau da kullum suka riƙa ɗiba. Abin da ya sauya shi ne dandalin. Yanzu wayar hannu ce, mai kallo kuma babban yatsansa na kan gilashi, datarsa ta kuɗi ce, in ba ka kama shi a sakan biyar na farko ba ya wuce.

Ga wasan da nake so mu kwance tare. Mutum biyu ne: mai hatsi a rumfarsa, da dattijon manomi da kekensa. A kan buhunan gero da aka ɗinke akwai 'yan buhuna uku da babu komai a ciki, a ninke.

MANOMI (yana turo keke, shi kaɗai yake magana): Gero na masussuka, buhun zubawa ya ƙare.

MANOMI (ya ɗora hannu a kan ninkakkun buhunan): Salamu alaikum. Alhaji, nawa buhu?

MAI HATSI (idonsa na kan waya): Wa alaikumus salam. Sittin, Baba.

MANOMI: Sittin? Ba hujajje ba ne?

MAI HATSI: Ko ƙwaya ba ya zubarwa.

MANOMI: Hamsin.

MAI HATSI: Albarka.

MANOMI: Da biyar. Ɗari zan ɗauka.

MAI HATSI (ya ajiye waya, ya miƙe, ya karkaɗe masa benci): Ɗari? Na sallama. Biyar da rabi ke nan.

MANOMI: Biyar da rabi, daidai.

MAI HATSI: Ina motar taka, Alhaji?

MANOMI: Wace mota? Ga kekena.

MAI HATSI: Buhu ɗari a keke?

MANOMI: In na ninke su, har kai ma sai ka hau.

MAI HATSI: Geron za ka ninke?

MANOMI: Wane gero? (Ya ƙirga naira 5,500 ya danƙa masa.) Ai ka sallama. Juye abinka ka ba ni buhunan.

Shi ke nan. Kalmomin da za a furta ba su kai ɗari ba, kuma da gangan ne. Minti ɗaya ba na magana ba ne kaɗai. Turo keke yana cin lokaci, karkaɗe benci yana ci, ƙirga kuɗi yana ci, shirun da mai hatsi zai yi yana kallon takardun naira a tafinsa ma yana da rabonsa. Wanda ya cika takardarsa da kalmomi ɗari biyu zai tarar 'yan wasansa suna tsere da agogo, dariya kuwa tana buƙatar wurin numfashi. Ku tsaya ku biyu, ku kunna agogon waya, ku yi wasan da jikinku, ba karatu daga zaune ba. In ya tsaya tsakanin sakan 45 da 50, kun yi daidai. In ya haura 55, ku yanke layi, kada ku ƙara sauri.

Abu na farko da ya riƙe wannan wasa shi ne babu wawa a cikinsa. Ku sake dubawa. Manomi bai yi wauta ba: ya ɗora hannu a kan abin da yake so, ya tambayi kuɗi, ya ji araha har ya yi zargin buhun hujajje ne, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Mai hatsi ma bai yi ƙarya ba, kuɗin kayansa ya faɗa yadda ake faɗa a Dawanau. Kowa na kan gaskiyarsa, kuma saboda haka ne abin yake ba da dariya. Yawancin gajerun wasannin ciniki da ke yawo a wayoyi nan suke faɗuwa. Sai a ɗauko baƙauye a sa masa yagaggiyar hula, a mai da shi dolo wanda bai san kuɗi ba, ko a ɗauko kurma, ko wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, a ce shi ne abin dariyar. Wannan arahar dabara ce, kuma mu mutanen karkara mun fi kowa sanin zafinta, tunda mu ake nufi. Ban da haka ma ba ta aiki: da zarar mai kallo ya gane ɗayan wawa ne, ya san ƙarshen labarin, babu abin da zai jira. Amma idan masu wayo biyu suka kama hanya daban-daban kowa yana murna ya ci riba, mai kallo zai zauna ya ga inda za su yi karo.

Shi ya sa layin farko, wanda manomi yake faɗa wa kansa, ba a taɓa shi. Kalmomi bakwai ne, amma su ne suke sa mai kallo ya riga mai hatsi sanin abin da ake ciki. Wasu za su so su ɓoye wannan, su bar shi ya fashe a ƙarshe don a yi mamaki. Ni ban goyi bayan haka ba a wasan ciniki. In ka ɓoye, dariya ɗaya za ka samu, a layin ƙarshe, sauran sakan arba'in kuwa mai kallo ciniki kawai yake gani, irin wanda yake gani kyauta kowace ranar kasuwa. In ka bayyana tun farko, kowane layi na tsakiya ya zama abin dariya, domin mai kallo yana jin abin da kowannensu yake nufi a lokaci guda.

To, nan ne aikin yake, a layukan tsakiya, kuma nan nake so ku daɗe. Ƙa'idar ita ce duk maganar da ɗaya ya yi kafin asiri ya tonu, dole ta zauna daidai a kunnen ɗayan bisa tasa fahimtar. Ɗauki "Ko ƙwaya ba ya zubarwa." Mai hatsi yana yabon ɗinkin buhun geronsa ne, manomi kuwa yana jin tabbacin cewa buhun da zai saya ba zai zubar masa da amfanin gona ba. Magana ɗaya, ta ƙosar da mutum biyu. Yanzu ka ce hannunka ya zame ka rubuta wa mai hatsi, "Geron bana ne, Baba." Wasa ya mutu a sakan na goma sha biyu, domin babu yadda manomi zai ji an ambaci gero ya ci gaba da taya. In kana son wannan yabon, cire kalma ɗaya: "Na bana ne." Manomi zai ɗauka sabon buhu ake nufi. Haka nan in ka sa manomi ya ce yana neman buhun da babu komai a ciki, ka kashe kanka. Amma kuma ka kiyayi ɗaya gefen: kada ka murɗe magana har ta zama ba yadda mutane ke yi ba, don kawai ka kauce wa kalmar gero. Mai kallo yana jin ƙamshin dabara. "Nawa buhu?" tambaya ce da ake yi sau ba adadi kowace rana, shi ya sa ba wanda zai zarge ta.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce, ko a bayan kwalin sigari za a iya yinta. Ka rubuta layin a tsakiya. A dama ka rubuta abin da mai faɗa yake nufi, a hagu abin da mai ji ya fahimta. Duk layin da ya bar gefe ɗaya babu komai, ko dai ya tona asiri da wuri, ko kuwa zaman banza yake yi yana cin sakan. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya yi da baki: abokin wasanka ya faɗi layi, kai ka ce masa, ni a matsayina na manomi ga abin da na ji.

Layin da na fi so shi ne "Biyar da rabi," kuma lissafi ne ya ba da shi, ba hikimar kowa ba. Buhu 100 a kan naira 55,000 ya kama naira 5,500,000, wato miliyan biyar da rabi. Buhu 100 a kan naira 55 ya kama naira 5,500, wato dubu biyar da rabi a bakin 'yan kasuwa. Kowa ya buga lissafinsa a kansa, kowa ya samu daidai, suka tabbatar wa juna da ƙarfin zuciya. A nan ne ya kamata rashin fahimtar ya warware, tunda an zo maganar jimilla, sai ga shi ya ƙara ƙullewa. Kowane wasa irin wannan yana son wuri ɗaya haka, inda mai kallo zai ce yanzu kam za su gane, sai su wuce. Sittin ɗin nan misali ne kawai. Farashin gero na kaka daban, na bazara daban, kuma mutanen Dawanau ba za su yafe muku ba in kuka faɗi kuɗin da ba ya kusa da na ranar. Ku tambaya da safe ku gyara. Lissafin ba ya lalacewa muddin adadin ɗari ne: in an daidaita a arba'in da biyar, huɗu da rabi ke nan, in talatin da biyar, uku da rabi. Ku dai sa cinikin ya faɗa a kan biyar ko goma cif, domin lamba irin arba'in da bakwai za ta tilasta wa ɗayansu ya ambaci dubu ko ɗari, asiri ya tonu.

Akwai ɗan abin da ba kowa zai lura da shi a rubuce ba, amma a fuska zai fito sarai. Da farko mai hatsi Baba yake ce wa dattijon, ko kallonsa bai yi ba. Da ya ji ɗari, sai ya miƙe, ya share benci, dattijo ya zama Alhaji nan take, ba jirgi ba Makka. Kowa a kasuwa ya taɓa ganin wannan sauyin, da yawa an yi musu, wasu kuma su suka yi. Irin wannan ba ya cin ko sakan ɗaya na ƙari, kalma ce ta maye gurbin kalma, amma ita ce take nuna marubucin ɗan kasuwa ne. Wayar da ke hannun mai hatsi ita ma ba ado ba ce. Ita ce amsar mai kallon da zai ce, to shi bai ga inda dattijon ya ɗora hannu ba? Duk rashin fahimta yana da ƙofar da hankali zai iya shigowa ya ɓata shi, aikinka ka nemo ta ka rufe tun kafin a tambaya.

Gaisuwa ita ce matsalar da za ta fi damun Bahaushe. Ciniki na gaskiya yana farawa da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, kafin a zo kan kaya, wannan kuwa zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinku. Cire ta gaba ɗaya kuma zai sa dattijon ya zama marar tarbiyya. Sallama da amsarta sun wadatar, a manna tambayar kuɗi a jikinsu. Tayin ma haka: sau biyu ya isa, hamsin, albarka, da biyar. Na san a rumfa ana iya kai ruwa rana, a tafi a dawo, a kira dillali, amma a nan tayi tsani ne kawai zuwa ga ɗari.

Sai ƙarshe. Da manomi ya ce "Juye abinka ka ba ni buhunan," a tsaya a kan fuskar mai hatsi na sakan biyu, kuɗi a tafinsa, a yanke. Za ku ji kwaɗayin ƙara masa layi, ya dafe kai ya ce, ashe buhu kawai kake nufi, ni kuma na ɗauka gero! Ku danne wannan kwaɗayin. Mai kallo ya san haka tun sakan na biyar, maimaita masa raini ne. Kada kuma a rufe da kokawa ko bi da gudu, wanda shi ne mafakar wanda bai samo layin ƙarshe ba. Ƙarfin "Ai ka sallama" daga al'adar kasuwa yake zuwa: in mai kaya ya furta ya sallama, ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne. Dattijo ya kama shi da dokar rumfarsa, kuma da zuciya ɗaya, ba da zamba ba.

Ba kowane rashin fahimta ne yake shiga minti ɗaya ba, gara ku san wannan kafin ku sha wahala. Ga misali mai kyau da ke faruwa da gaske tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da ke zuwa sayen hatsi. A wajensu jaka ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, a wajenmu kuwa jaka naira 200 ce tun zamanin da ake lissafi da fam. Ciniki da jaka tsakanin Bakano da Bamaraɗe zai iya rikicewa da daɗi. Amma matashin da ya tashi bai taɓa jin an ƙirga kuɗi da jaka ba sai an yi masa bayani, bayani kuma shi ne abin da ba ku da lokacinsa. In masu kallonku mutanen Jibiya ne ko Maigatari, inda kuɗin biyu ke cuɗanya, ku yi shi. In don kowa da kowa ne, ku zaɓi abin da layi ɗaya zai kafa shi. Ma'aunin ke nan: in ka kasa faɗa wa abokinka ruɗanin a numfashi ɗaya, wannan yana nufin kaza, wancan yana nufin kaza, to labarin na minti biyar ne, ajiye shi.

Ranar ɗauka, kada ku je tsakiyar kasuwa ana sauke tirela. Ƙarar injin da ihun 'yan dako za su haɗiye "Da biyar," in kuwa aka rasa kalma ɗaya a wasan da aka gina kan kalmomi ƙididdigaggu, komai ya rushe. Ku nemi rumfar wanda kuka sani da sassafe ko bayan la'asar, ku roƙi izininsa, ko ku jera buhu huɗu a zauren gida, ya isa. A riƙe wayar a tsaye, mai ɗauka ya matso kamar taku biyu don murya ta fito, rana ta kasance a bayansa. Fuskar wanda bai yarda ba kada ta shiga, allon shagon wani ma haka. Sunan mutum na gaskiya kuwa ku nisance shi. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara, kan bidiyon da aka ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin. Mai hatsi da manomi da ba su da suna ba za su kai kowa gaban alƙali ba. Rantsuwa da sunan Allah a kan farashin ƙarya ita ma a bar ta, ko da ana yinta a rumfa, akwai masu kallon da za ta ɓata wa rai kafin su kai ga dariya.

Kafin ku sake shi, ku nuna wa mutum ɗaya da bai san labarin ba, mai shayi ko mai cajin waya, ku kalli fuskarsa maimakon gilashin. In bai motsa ba sai a ƙarshe, layinku na farko bai fito ba, ku sake ɗaukarsa da murya sama. In ya yi murmushi a "hujajje," ya ƙyalƙyale a "keke," wasa ya zauna. In ya ce "To shi me ya sa bai tambaya ba?" akwai ƙofar da kuka bari a buɗe. Ba lallai na farko ya yi kyau ba, kuma ba asara, tunda jarin duka cajin waya ne da aron keke.

Kada ku tsaya a kan buhuna nawa, ku tono naku, kuna da su fiye da ni. Mai tukwane a Dawaki ta san wadda ta taya murfi alhali ita kuɗin tukunya take faɗa. Mai awo ya san rigimar da ake yi in ɗaya yana lissafi da tiya ɗaya da mudu. Dillalin dabbobi ya taɓa ganin wanda yake taya akuya shi kuwa mai ita yana ganin ɗanta ake nufi, ko wanda ya zo sayarwa aka ɗauka saye ya zo, kowa yana jan farashi ta inda ɗayan bai zata ba. Wannan na ƙarshen ma ya fi nawa daɗi in an iya shi, domin wanda aka ɗauka mai saye ne zai riƙa ƙara kuɗi maimakon ragewa. Ka nemi abokin aikinka yau bayan an tashi, ɗaya ya zama mai akuya, ɗaya dillali, ku fara da tambayar da za ta shiga kunne biyu, ku kunna agogo.